Inshorar kamfani ko biya daga aljihu: lissafin gida mai mutum biyar

Wani magidanci ya same ni a ƙaramin asibitinmu, can wajen Ringim, riƙe da takardar wani kamfanin inshorar lafiya. Shi da mai ɗakinsa da yara uku ne. Ya ce, "Malama, in shiga, ko mu ci gaba yadda muka saba?"

Na ce Malam, mu fara da lissafi. A ce kamfanin na karɓar naira 40,000 a kan kowane mutum, ka ga 200,000 ke nan a shekara, kuma ko ba wanda ya yi ko da mura, ba za a dawo maka da kwabo ba. Sai muka duba abin da ya kashe bara. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaran sau bibbiyu da damina, gwaji da magani wajen 5,000 kowane karo, 30,000 ke nan. Ƙaramar ta yi gudawa har da ƙarin ruwa, ga 'yan magunguna nan da can. Duka bai wuce 60,000 ba. In don irin waɗannan ne, aljihu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Inda inshora ke rana shi ne ciwon da ke sa a kai tumaki kasuwa ko a fasa rumbu tun kafin bazara: tiyata, haɗarin babur, doguwar kwanciya. To a nan ne na ce ya juya bayan takardar.

Mai ɗakinsa tana da ciki wata huɗu, shi ya sa ma yake son shiga. Amma tsare-tsaren kamfanoni da yawa ba sa biyan kuɗin haihuwa sai an yi watanni da rajista, wasu har shekara guda. Wato za ta haihu kafin inshorar ta fara aiki a kanta. Akwai kuma iyakar kuɗin da suke biya wa tiyata, abin da ya haura kai za ka cika. Ciwon da aka shigo da shi, kamar hawan jini ko sikila, shi ma sau da yawa da sharaɗinsa.

Sai jerin asibitoci. Katin ba ya aiki sai inda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya, kuma yawanci a birni suke, Dutse ko Kano. Yaro ya fara jijjiga ƙarfe biyun dare, wurinmu za a kawo shi, a biya daga aljihu, kati na kwance a ƙarƙashin matashi.

Ni dai ban ga ribar wannan tsarin gare shi bana ba. Na ce ya leƙa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA (mutanen Kano kuwa KSCHMA), ya tambaya ko asibitin da ya fi kusa da shi yana ciki, kuma ya ware kuɗin mota da na jini tun yanzu, kafin watan haihuwa ya kama.