Kayan Ajiyar Kariya a Cinikin Intanet

Kayan ajiyar kariya su ne wani adadi daga cikin haja da ɗan kasuwa ke riƙewa a shago ba ya nuna su a intanet, domin kada ya sayar wa mutum biyu abu ɗaya. Dabarar ta fi amfani ga wanda ke tallata kaya iri ɗaya a wurare da yawa, kamar yadda 'yan kasuwar Damagaram ke yi da WhatsApp Business da Facebook da Instagram, ga kuma shagon kansa.

Tushen matsalar jinkiri ne. Kowane dandali yana nuna abin da aka sa masa a baya, kayan da ke kan kanta kuwa suna raguwa a take. Kundin kaya na manhajar WhatsApp Business yana ɗauke da hoto da farashi da bayani, amma ba ya rage adadi da kansa idan an yi ciniki. Sai mai shago ya shiga ya ɓoye kayan da hannunsa. Idan wutar Nijelak ta ɗauke wayar ta mutu, ko layi ya yi rauni, jinkirin minti biyar yana iya komawa wuni guda.

Lissafin shi ne: abin da ke shago, a cire wanda aka yi alkawarinsa, a cire ajiyar kariya, saura shi ake tallatawa.

Misali, mai sayar da takalman fata a kasuwar Dole ta Damagaram yana da ƙafa 12 na samfuri ɗaya, lamba 42. An biya kafin alƙalami a kan 3, suna jiran motar Yamai. Saura 9. A ranar Alhamis, da kasuwa ke ci, yakan sayar da ƙafa 4 a shago tsakanin safe da azahar, kuma sai azahar yake samun zama ya gyara tallarsa. Ajiyarsa ke nan 4, abin da zai tallata 5. Kuma 5 ɗin na duka dandalin ne a haɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta 5 a kowane wuri, wanda ya zama alkawarin ƙafa 15. Hanya mafi aminci ita ce a raba: 3 a WhatsApp, 1 a Facebook, 1 a Instagram.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta aiki a kan abu tilo, kamar jakar fata ɗinkin hannu da babu irinta. Wannan sai a cire shi daga ko'ina da zarar an karɓi kuɗi. Ba ta kuma gyara littafin da ƙidayarsa ta karkace. Alamar hakan ita ce ƙirgen yamma ya riƙa saɓa wa littafi, galibi saboda bashin da ba a rubuta ba, ko takalmin da aka dawo da shi aka canza lamba, aka rubuta fitar 43 aka manta da shigar 42.