Ƙa'idar "je ka dawo" a sabar imel: amfaninta da jinkirin da take jawowa

Greylisting ƙa'ida ce da mai kula da sabar imel ke kafawa don rage saƙonnin banza, kuma Evan Harris ne ya yi bayaninta a 2003. Duk saƙon da ya iso, sabar kan duba abu uku: lambar IP ta sabar da ta kawo shi, adireshin mai aikawa, da na mai karɓa. In ba ta taɓa ganin ukun tare ba, sai ta rubuta su, ta mayar da amsa mai lamba 450 ko 451, wato "je ka dawo anjima".

Sabar kirki takan ajiye saƙon a layi ta sake gwadawa, domin haka dokar SMTP ta tanada. Yawancin kwamfutocin da aka kame ana watsa saƙonnin banza da su kuwa sau ɗaya suke jefawa su wuce.

Sai maganar jinkiri, inda ake yawan kuskuren lissafi. Postgrey, manhajar greylisting da ake haɗawa da sabar imel ta Postfix, minti 5 take tsarewa in ba a sauya mata ba, amma lokacin dawowa a hannun mai aikawa yake. A ce saƙo ya iso da ƙarfe 9:00 daga sabar Exim, wadda bisa al'ada ke sake gwadawa duk minti 15. Ƙofa ta buɗe tun 9:05, amma sai wajen 9:15 zai shiga. Wadda ke bin shawarar RFC 5321, takardar dokar SMTP, ta jira aƙalla minti 30 kuwa, sai 9:30. Da zarar ya shiga, ukun nan sun zama sanannu, saƙo na gaba ba zai jira ba, sai in sun yi kwana 35 ba a gan su ba. A rajistar sabar za ka ga `action=greylist, reason=new`, daga baya `action=pass` tare da `delay=` mai nuna daƙiƙun da aka ɓata.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan masu aikawa da ke da sabobi barkatai. Gwaji na biyu na iya fitowa daga wata lambar IP ta nesa da ta farko, a ɗauke shi sabon baƙo, lissafi ya koma farko. Haka saƙo kan kwashe awoyi a hanya. Maganinsa a sa su cikin fayil ɗin `whitelist_clients` na Postgrey, jerin sabobin da ba a jinkirta saƙonsu.

A ganina, kada a kunna greylisting ga akwatin da ke jiran lambar tabbatarwa ko saƙon sauya kalmar sirri, domin lambar da ke mutuwa cikin minti 10 ba za ta kai 9:15 da rai ba. Haka akwatin ciniki da na karɓar ƙorafi, inda kusan kowane mai rubutowa sabo ne, da `postmaster` da `abuse`. Ma'aikatanka da ke aikawa da kalmar sirrinsu ta tashar 587 ma ba ruwansu da ita. In kana da matatar saƙonnin banza irin Rspamd, bar ta ta jinkirta saƙon da take zargi kaɗai, sauran su wuce nan take.