Zaɓen Hanyar Bincike a Ƙaramin Kundin Digiri na Fannin Ilimi

A yawancin jami'o'i da kwalejojin ilimi na Najeriya, babi na uku na kundin digiri ne ke bayyana hanyar da aka bi wajen tattara bayanai da tantance su. Manyan hanyoyin biyu ne: ta ƙididdiga, wadda ke aiki da alƙaluma, da ta zurfafa bayani, wadda ke dogaro da hira da lura da nazarin takardu.

Tarihi

Hanyar ƙididdiga ce ta fara kafuwa a binciken ilimi. A 1932 Rensis Likert ya fito da ma'aunin ra'ayi da ake kira da sunansa, a 1970 kuma Krejcie da Morgan suka wallafa jadawalin da har yau ɗalibai ke dubawa don sanin yawan mutanen da za su tambaya. Hanyar zurfafa bayani ta shigo ne daga nazarin al'umma da al'adu, ta kuma samu karɓuwa a fannin ilimi wajajen shekarun 1970. Saɓanin da ya biyo baya tsakanin ɓangarorin biyu ya lafa, ko da yake bai ƙare ba.

Yadda ake zaɓe

Tambayar bincike ce ke yanke hukunci. A ɗauka ɗalibi na nazarin fashin zuwa makaranta ranar kasuwa a wata ƙaramar hukuma mai malaman firamare 200. Idan yana son sanin yawan malaman da ke ganin talla ce sanadi, jadawalin zai ba shi mutum 132, sai ya raba musu takardar tambayoyi mai matakai huɗu, daga "na yarda ƙwarai" mai maki 4 zuwa "ban yarda ba sam" mai maki 1. Matsakaicin makin 2.50 ne, kuma bisa al'ada ana ɗaukar duk maganar da ke cikin takardar wadda matsakaicin makinta ya kai hakan a matsayin wadda aka amince da ita.

Amma idan tambayar ita ce me ya sa iyaye ke fifita talla a ranar, wannan takarda ba za ta amsa ba, domin dalilan da ɗalibin ya rubuta da hannunsa kaɗai za ta dawo masa da su. A nan hira da iyaye kaɗan ta fi dacewa, ana ci gaba da ita har sai sabon bayani ya daina fitowa. Aikin ba shi da sauƙin da ake zato, don mayar da hirar awa guda rubutu kan ci awanni da dama, ga kuma fassara idan da Hausa aka yi ta. Sakamakonta ma ba a yi wa dukan ƙaramar hukumar hukunci da shi.

Ana gane an yi kuskuren zaɓe idan babi na ɗaya ya tambayi dalili, babi na huɗu kuma ya cika da kaso cikin ɗari kawai.

Haɗa hanyoyin

Ana iya haɗa su, sai dai lokacin ƙaramin kundi ba kasafai yake isa ba.