Takardar rance tsakanin abokai

Takardar rance rubutacciyar shaida ce da wanda ya ci bashi ke sa wa hannu, yana amsa cewa ya karɓi kuɗi kaza daga wane, zai kuma biya a rana kaza. A Damagaram ana rubuta ta da boko, da ajami ko da Faransanci. Asalinta a Musulunci aya ta 282 ce ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo: a rubuta bashi da ajalinsa, wanda ake bi shi ne mai shibta, a kafa shaidu maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu.

Bayan cikakkun sunaye da unguwa da lambar katin ɗan ƙasa, abin da ya fi jawo gardama shi ne adadin kuɗin. Lissafin baka a Nijar da dala ake yinsa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, don haka "ɗari biyu" a bakin ɗan kasuwar Dole na nufin sefa 1,000, wato jika guda. Ga kuma naira da ke yawo saboda kusancin iyaka. Shi ya sa ake rubuta adadin da lambobi da kuma haruffa, a ambaci sunan kuɗin ƙarara.

Misali, tela a Birni ya ranci jika 150 wurin abokinsa don sayen keken ɗinki. Sai a rubuta: "Ni wane ɗan wane na karɓi sefa 150,000 (sefa dubu ɗari da hamsin) rance daga wane. Zan biya sefa 50,000 ranar 30 ga Afrilu, 50,000 ranar 30 ga Yuni, ragowar 50,000 ranar 30 ga Agusta," tare da shekara. "Bayan kaka" ko "in Allah ya hore" ba ajali ba ne, domin babu ranar da za a ce an saɓa. Duk kason da aka biya a rubuta shi a bayan takardar, mai bin bashi ya sa hannu. Idan aka kammala a mayar wa tela takardarsa. Ba a sharɗanta ƙari a kan uwar kuɗi, wannan riba ce.

Shaidu su kasance baligai masu hankali da ba su da wata moriya a cikin kuɗin, kuma su ga an ƙirga an miƙa. Wanda bai iya rubutu ba a karanta masa, ya dangwala yatsa. Mutane kan ɗauki shaida a matsayin mai lamuni, alhali shaida ba ya biyan ko dala sai in ya rubuta cewa ya tsaya wa wanda ya ci bashin.

Ana iya kai takardar ma'aikatar magajin gari a tabbatar da sa hannun. Idan biya ya gagara, yawanci mai unguwa ake fara kai wa don sulhu, kafin a dangana da kotu.