Su-bid: ma'aunin zafi da lokacin dahuwar naman sa, ƙirjin kaza da ƙwai

Su-bid (Faransawa na rubuta shi sous vide) hanya ce ta girki da ake rufe abinci cikin leda, a fitar da iska, a nutsa shi cikin ruwan da na'ura ke riƙe da zafinsa a digiri ɗaya na tsawon lokaci. Ruwan ba ya kai wa tafasa. Ma'aunin zafin da ke cikin wannan maƙala duk na Salsiyas ne.

Tarihi

Ana danganta tunanin dafa nama da ƙaramin zafi ga masanin kimiyya Benjamin Thompson, wajajen 1799, ko da yake shi iska mai zafi ya yi amfani da ita. Salon da aka sani yau ya taso ne a Faransa. A wajajen 1974 gwanin girki Georges Pralus ya gwada shi a gidan abinci na Troisgros da ke Roanne, don hantar agwagwa mai kitse ta daina narkewa tana rage nauyi a wuta. Masanin kimiyyar abinci Bruno Goussault kuwa ya duƙufa kan binciken zafi da lokacin da kowane abinci ke buƙata. Wane ne ainihin wanda ya ƙirƙiro shi, har yau bakin masana bai zo ɗaya ba.

Ƙirjin kaza

A nan ne aka fi gane yadda su-bid ke aiki. Hukumar aikin gona ta Amurka ta ba da shawarar tsakiyar naman kaza ya kai digiri 74, domin a wannan zafi ƙwayar cutar salmonela na mutuwa nan take. Amma ba zafi kaɗai ke kashe ta ba, har da daɗewa. A digiri 63 ana samun irin wannan sakamako cikin kimanin minti 10, a digiri 60 kuma kusan rabin awa. Ribar ita ce ƙirjin kaza, wanda ba shi da kitse, ba ya bushewa ya zama kamar ɓawo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fara ƙirga lokaci daga sa'ar da aka jefa leda a ruwa. Ƙirgen yana farawa ne bayan tsakiyar naman ya kai zafin da ake so. A ɗauki ƙirji mai kaurin santimita 2.5 da aka ciro daga firji, aka sa a ruwa mai digiri 60. Sai ya yi awa ɗaya ko fiye kafin zafin ya ratsa tsakiyarsa, sannan a ƙara rabin awar kashe ƙwayoyin cuta. Don haka mai hankali yakan ba shi kusan awa biyu. Idan kaurin ya ninka, lokacin ratsawar yakan ninka kusan sau huɗu. Launin naman ba hujja ba ne: yana iya fitowa da ɗan ja-ja alhali ya dahu lafiya. Ledar da ta taso saman ruwa kuwa alama ce iska ta rage a ciki, kuma ɓangaren da ke waje bai samu cikakken zafi ba.

Naman sa

Yanka mai kauri yakan fito ja mai laushi a digiri 54 zuwa 57, da ɗan ja a tsakiya a wajen digiri 60, ya dahu sosai daga digiri 69 zuwa sama. Awa ɗaya zuwa huɗu ya ishi mai kaurin santimita 2.5, idan ya zarce haka sai ya fara yin lugub. Bayan an ciro shi ana tsane shi, a ɗan gasa kowane gefe a kasko mai zafi sosai na kamar minti ɗaya.

Ƙwai

Ana sa shi da ɓawonsa, ba leda. A digiri 63 na minti 45 zuwa awa ɗaya, farin yakan ɗan kama, gwaiduwa ta yi kauri tana malala. Daga digiri 65 gwaiduwar takan fara daskarewa, kuma daɗewa na ƙara mata tauri. Wasu sun fi son digiri 75 na minti 13. Digiri 57 na aƙalla minti 75 yana kashe ƙwayoyin cuta, ƙwan kuma ya zauna kusan ɗanye.

Riƙewa da ajiya

Ƙasa da kimanin digiri 54 wasu ƙwayoyin cuta na iya hayayyafa, shi ya sa ba a barin nama ya daɗe a nan. Wasu sun ce iyaka awa biyu da rabi, wasu awa huɗu. Masu juna biyu, ƙananan yara da tsofaffi gara su guji naman da bai cika lokacin kashe ƙwayoyin cuta ba. Idan wuta ta ɗauke ruwan ya huce, kuma ba a san tsawon lokacin ba, zubar da abincin ya fi.

Wanda za a ajiye, ana tsoma ledar nan da nan cikin ruwan da rabinsa ƙanƙara ne har ta yi sanyi, domin zafin su-bid ba ya kashe irin ƙwayar da ke haddasa botulizim, gubar abinci mai shanye jiki, ita kuma inda babu iska take yaɗuwa. A firjin da ke ƙasa da digiri 5, kada ajiyar ta wuce kwana 10.