Ifsahi: yaushe mai neman aiki a Saudiyya zai faɗi lalurarsa?

Duk wanda ya taɓa cike takardar inshorar lafiya a wani kamfani a Jidda ko Riyad ya ci karo da kalmar ifsahi. Abin da ake nufi da ita a harkar ɗaukar aiki shi ne mutum ya sanar da masu ɗaukarsa cewa yana da nakasa ko wata lalura da yake fama da ita tsawon lokaci, irin su sikila, ciwon suga, farfaɗiya ko raunin ji. 'Yan uwanmu da yawa sun ɗauka abu ne da ake yi sau ɗaya: ko dai ka rubuta a sibi, wato takardar tarihin karatu da aiki da Larabawa ke kira sira zatiyya, ko kuma ka yi gum har abada. Ba haka abin yake ba. Ifsahi yana da lokuta uku: lokacin tura sibi, lokacin da aka kira ka hira, da lokacin cike takardun lafiya bayan an yi maka tayin aikin. Kowanne da abin da ya dace a faɗa a cikinsa.

A sibi, ra'ayina shi ne a bar sunan ciwo. Takarda ce da ake dubawa a gurguje, kuma wanda ke dubawa ma'aikacin ofis ne da ke neman dalilin rage tulin da ke gabansa, ba likita ba. Idan ya ga "sikila", abin da zai faɗo masa shi ne kwanciyar asibiti da kuɗin inshora, kai kuma ba ka wurin balle ka ce masa ka shekara ba ka yi fashin aiki ba. Ga shi sibi ba ya zama wuri ɗaya. Ka tura wa mutum ɗaya ta WhatsApp, shi ma ya tura wa wani, kafin ka ankara labarin lafiyarka ya zagaye unguwa. Rashin rubutawa a nan ba ƙarya ba ce, tun da ba wanda ya tambaye ka.

Sai dai akwai inda lissafin ke juyewa, kuma ya danganta da katin da ke aljihunka. Sashe na 28 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ɗora wa mai kamfanin da ke da ma'aikata 25 ko fiye ya ba masu nakasa aƙalla kashi 4 cikin ɗari na guraben, matuƙar yanayin aikin ya ba da dama. A tsarin Nitaqat kuma, wanda ke auna yawan 'yan ƙasa a kamfani, ana ƙirga ɗan ƙasa mai nakasa a matsayin mutum huɗu idan an cika sharuɗɗa. Saboda haka Bahaushiyar Makka da ke da katin ɗan ƙasa, wadda hukuma ta yi wa nakasarta rajista, tana da dalilin faɗa tun a sibi, musamman idan tallan ya ce gurbin na masu nakasa ne, ko kamfanin yana da shaidar Mowaamah da ake ba wuraren aikin da suka gyara muhallinsu don masu nakasa. Layi ɗaya a ƙasan takarda ya wadatar: tana amfani da keken guragu, nakasarta tana da rajista, abin da take buƙata shi ne ƙofa da banɗaki da keke zai shiga. Ta dai kula da masu son sunanta kawai, waɗanda za su ce ta zauna a gida ana turo mata ɗan wani abu duk wata. Wannan aikin bogi ne, doka ta hana, kuma ba ya ƙara mata ƙwarewar komai.

Mai iƙama, wato baƙon da ke zaune da takardar izinin zama, ba ya cikin wannan ƙirgen. Nakasarsa ba ta ƙara wa kamfani maki a Nitaqat, don haka ribar da ke sa ɗan ƙasa ya yi gaggawar faɗa, shi ba shi da ita.

Mu ɗauki misali. Wani matashi haifaffen Jidda, mai iƙama, ya karanta aikin akanta, yana da sikila. Akwai giɓin wata takwas a tarihin aikinsa, lokacin da aka yi masa aiki a ƙugu. A sibinsa ba zai ambaci ciwon ba. Giɓin kuma ba zai toshe shi da aikin da bai yi ba, ba zai kuma ja kwanan watan tsohon aikinsa ya rufe shi ba, domin sashe na 80 na dokar ƙwadago ya ba mai kamfani damar korar wanda aka tabbatar ya yi jabu don samun aikin, ba tare da kuɗin sallama ba. Zai rubuta kwanakin yadda suke. Idan ya yi wani kwas a lokacin jinyar, sai ya sa shi a wurin.

An kira shi hira. Idan aka tambaye shi giɓin, amsarsa gajeriya ce: "Na yi jinya, an gama, na dawo aiki." Daga nan sai ya koma kan abin da ya iya. Idan kuwa akwai abin da yake buƙata don ya yi aikin da kyau, nan ne wurin faɗa, ko kuma da zarar an yi masa tayi. Abin da ya fi amfani shi ne ya faɗi buƙatar maimakon sunan ciwon: yana zuwa asibiti rabin yini sau ɗaya a wata, kuma teburinsa kada ya zama a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, don sanyi mai yawa kan tayar wa mai sikila da ciwo. Manaja ya san yadda zai yi da buƙata irin wannan. Sunan ciwo kuwa sai ya bar shi da zato. Wanda nakasarsa ke bayyane, ko kurman da ke son a yi hirar a rubuce, gara ya sanar tun a saƙon amsa gayyata, kada ya je ya tarar da bene ba lif.

Mataki na uku shi ne wanda ba a wasa da shi. Bayan tayi, kafin ko bayan ya amince da kwantiraginsa a Qiwa, shafin intanet na gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki a cikinsa, ana iya ba shi takardar ifsahin lafiya ta kamfanin inshora, wasu wuraren kuma su tura shi gwajin likita. A nan an tambaye shi kai tsaye, kuma zai sa hannu. Idan ya ce ba shi da komai, ranar da ciwon ya tashi aka kwantar da shi, kamfanin inshora na iya duba tarihinsa ya ƙi biya, ya bar shi da kuɗin asibiti. Masu zuwa daga Najeriya ko Nijar da bizar aiki su ma su sani cewa gwajin lafiyar iƙama yana neman cututtuka masu yaɗuwa, irin su tarin fuka da ciwon hanta, kuma abin da aka rubuta ko aka bari a sibi ba ya canza sakamakonsa. Haka nan aikin da rayukan mutane ke hannunka, kamar tuƙin motar mahajjata ga mai farfaɗiya: wannan tun kafin a tambaya ya kamata a faɗa.

Abin da ke sa mutane ɓoyewa ko a nan shi ne tsoron kora. Doka ta ba ma'aikaci hutun jinya a shekara: kwana 30 da cikakken albashi, kwana 60 da kashi uku cikin huɗu, sai kwana 30 ba albashi, kuma ba a sallamarsa saboda ciwo kafin ya cinye wannan hutun. Amma a lokacin gwajin aiki, wanda kan iya kaiwa kwana 180, kwantiragi yakan ba kowane ɓangare damar rabuwa cikin sauƙi. Shi ya sa ya kamata matashin nan ya tura buƙatarsa ga ofishin ma'aikata a rubuce, ta imel, ya kuma ajiye amsar da suka ba shi.