Barci ya ƙi zuwa, zuciya na dukan uku-uku: amsoshi daga ɗakin jinya a Yamai

Majo, tun da na kwanta rashin lafiya ba na barci, gabana sai faɗuwa. Ciwon zuciya ne?

Galibi a'a. Amma kin ƙirga bugun? Ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, ki ƙirga na daƙiƙa 30, ki ninka biyu. Babban mutum da ke hutawa yana tsakanin 60 da 100 a minti. Da wannan lambar za ki zo mini.

Shayi fa? Ai na saba.

Sabo ba ya hana shi aiki. Rabin sinadarin da ke hana barci yana nan a jini bayan awa biyar. Ka zauna a fada bayan isha'i ka sha na fari, na biyu, na uku, ka ɗora goro, sannan ka ce idonka biyu? Bayan azahar a bar shayi, kofi da goro har ka warke.

A ba ni ƙwayar barci mana.

Ba daga tiren mai talla ba. Diyazefam na kama jiki, tiramol kuma ba maganin barci ba ne. Ka tattaro duk abin da kake sha ka kawo, don salbutamol na asma, deksametazon da wasu magungunan mura su da kansu suna sa zuciya gudu. Kada ka yanke wanda likita ya rubuta sai an duba.

Ta yaya zan gane fargaba ce kawai, ko jikin ne da kansa?

A nan ba zan yanke miki hukunci daga nesa ba, don sau da yawa biyun tare suke zuwa. Abin da zan iya shi ne in nuna miki yadda muke tantancewa.

A ce kina kwana na uku da fara maganin zazzaɓin cizon sauro, watan Afrilu ne, an ɗauke wuta, ƙarfe biyun dare kin farka bugu 112. Fara auna zafin jiki. Kowane digiri ɗaya da ya hau yakan ƙara bugu kamar goma, saboda haka mai zafi 39 ba abin mamaki ba ne ya haura 100. Sai ki duba fitsari: in kaɗan ne kuma ya yi duhu, ruwa ya ƙaranta a jiki, ki sha ruwa ko ruwan gishiri da sukari. Daga nan ki zauna ki jingina, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, har minti biyar. Tasbihi ko karatun da kika saba yana taimakawa wajen riƙe wannan sannun. Ki sake ƙirga bugun.

In ya sauko zuwa 90 da wani abu, kuma yana tafiya daidai, mai yiwuwa zafi da tsoro ne. Na ce mai yiwuwa. In zazzaɓi ya tafi, kin sha ruwa, hankali ya kwanta, amma kwana da kwanaki bugun bai sauka ƙasa da 100 ba, a nemi dalili. Na farkon da nake zargi bayan zazzaɓi shi ne ƙarancin jini: cikin fatar ido da tafin hannu sun yi fari, ɗan hawa kaɗan sai haki. Gwajin jini ke tabbatarwa. Akwai kuma ƙwayar maƙoshi, wadda in ta kumbura ake kira maƙoƙo, in tana aiki fiye da kima, mutum na ci yana ramewa, hannu na rawa, zufa ba ƙarewa. Mai ciwon sukari kuwa, in ya farka da zufa da karkarwa, ya auna sukarinsa tukuna, don sukarin yakan faɗi idan ana shan magani ba a cin abinci.

Na haihu wata biyu, in na kwanta sai numfashi ya ƙi. An ce jego ne.

Ba jego ba ne, 'yar'uwa, ki zo yau. Akwai raunin zuciya da ke kama mata daga ƙarshen ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa, kuma sananne ne a ƙasar Hausa. Kumburin ƙafa, tarin dare, barci sai a zaune, su ne alamunsa. Ki dakatar da kunun kanwa. Yana da magani, kuma da yawa suna samun sauƙi in an kama shi da wuri.

Yaushe ne ba a jiran gari ya waye?

Nauyi ko matsi a ƙirji, musamman mai sauka hannu ko muƙamuƙi, suma, haki alhali kana zaune, ruɗewa, karkacewar baki, ko bugu da ke tsalle babu tsari, ko wanda ya kai 150 ya ƙi sauka. A tafi sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa ko mafi kusa, kuma wani ya ja babur ɗin, ba kai ba.

In barci ya ƙi zuwa, in ci gaba da kwanciya?

Tashi. Bayan kamar minti 20 ka zauna wuri mai ɗan duhu, ban da waya, sai gyangyaɗi ya zo ka koma. Dare ɗaya ko biyu babu barci ba ya lalata zuciya, kwantar da hankalinka. In kuma damuwar ta kai kana jin gara mutuwa, ka faɗa wa na kusa da kai a daren, ku zo tare.